Dokar Zauren Matan Unguwa

A wata unguwa a Kafur, mata sun buɗe zaure a Wasaf don sanarwar suna, biki da rasuwa, suka ɗora Mansura a kan admin saboda ita ce mai haƙurin danna waya. To, ranar wata Talata sai ga murya an turo. Wani namiji ne, ba suna ba gari, yana rantsuwa cewa ana zuba guba a nono.

Adama mai nono, wadda ke shigowa daga ruga kullum, ta zaga unguwar kaf, ba wadda ta ce mata ko nawa ne ludayi. Washegari ma haka.

Mansura ta kira ƙanwarta da ke aikin jinya, ƙanwar ta ce ba a kawo musu kowa asibiti ba. Ta tura wa ƙawarta a Dandume muryar, ita kuwa ta ce ai tun bara suka ji ta.

Sai ta zauna ta tsara doka, ta kuma karanta da baki, don yawancin matan sauraro suke yi:

"Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Zauren nan na sha'anin unguwa ne. Duk mai turo labari ta faɗi wa ya gaya mata, a ina abin ya faru, yaushe. Abin da aka turo miki, ba ki san mai maganar ba, ki aiko mini ni kaɗai mu bincika tukuna. Saƙon da ya saɓa haka zan goge. Maganar nono mun bincika, ba ta da tushe."

Inda gizo ke saƙar, wadda ta turo muryar Hajiya Ladidi ce, uwar mijin Mansura, gida ɗaya suke. Kuma in admin ta goge saƙon wani, waya ba ta rufa asiri, sai ta rubuta sunan wadda ta goge kowa ya gani. In ta bari kuwa, dokar ta mutu tun ranar haihuwarta. Ta leƙa ɗakin Hajiya ta durƙusa.

"Inna, da kin goge da kanki, ba mai cewa komai."

"Ni na zuba gubar? Taimako na yi. In gaskiya ce fa?"

"An bincika, Inna."

"Oho, kin zama 'yar jarida. To goge mana, ranki ya daɗe, ai ke ce hukuma."

Mansura ta koma ɗakinta, ta jima tana kallon wayar, sannan ta goge.

Hajiya ta fice daga zauren kafin la'asar. Mata uku tsaranta suka bi ta. Amma da safe sauran suka fara kiran Adama gida-gida, ko da yake wasu sai sun shinshina ƙwaryar tukuna.

Mansura kuwa ta ci gaba da zuwa gaisuwa ɗakin Hajiya kowace safiya. Har aka yi girbin dawa, "lafiya" kawai take samu, a taƙaice, fuska na kallon bango.