Hayaƙin Tukubar Malam Audu

Shekarar da za a yi zaɓe na biyu bayan sojoji sun koma bariki, shagona na gyaran hoto a kwamfuta da ke Ƙofar Kwaya ya zama gidan buga fostar 'yan siyasa. Duk mai son kansila sai ya kawo hotonsa in yanke shi in ɗora a gaban asibitin da bai gina ba. Wannan aiki ko da ido ɗaya zan yi shi. Mutum ba gilashi ba ne, ka bi gefen rigarsa ka zagaye, an gama.

Ana cikin haka Fiddausi ta shigo. Malamar firamare ce, 'yar marigayi Audu mai tsire, wanda duk unguwar ta ci tsirensa. Muka gaisa, na sake yi mata gaisuwar rashi, ta ajiye hotuna biyu a tebur.

"Malam Salihu, wanga shi kaɗai ne hoton Baba. Wancan kuma gidan da ya gina ne a Ƙofar Guga. An gama rufi, an sa ƙofa, bai kwana ciki ba Allah ya karɓi abinsa. Inna ta ce ba ta shiga gidan da mai shi bai shiga ba. Ga ɗakin da muke ciki katangarsa ta tsage, ga damina tahe. Ka tsai da min shi a ƙofar gidan, ko ta gani ta haƙura."

Na ɗaga hoton, raina ya ɓaci. Malam Audu na tsaye bayan akwatin gilashin da yake zuba nama, hannunsa da wuƙa ana hango su ta cikin gilashi. Hayaƙin tukuba ya taso ya bi ta kafaɗarsa ya rufe kuncinsa na hagu. Bayansa bango ne da hayaƙin shekaru ya mai da baƙi ƙirin.

"Ka cire hayaƙin da akwatin," in ji ta. "Ya huta da wuta haka nan."

Na ce mata hayaƙi ba hula ba ne da za a ɗage a ga kai. Abin da ya rufe, kyamara ta ɗauke shi ne gauraye da shi. In na goge shi daga fuska, da kuncin zan goge, sai dai in ƙirƙiro wani. Ta ce in ƙirƙiro. Malaman makaranta, in sun faɗi abu sau ɗaya, gani suke an rubuta a allo.

Na yi yadda ta so. Na kwafo kuncin dama na juya shi na liƙa a hagu, na gyara inuwa, na aro gaban riga daga wani hoto na rufe inda akwatin yake. Ya fito tas, kamar ɗan takara.

Da ta kawo mahaifiyarta, Tani, sai da muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ta tambayi iyali da aiki da gajiya, sannan ta zauna a benci. Na juyo mata da fuskar kwamfutar. Ta daɗe tana kallo.

"Wane ne wanga?"

"Inna, Baba ne mana," in ji Fiddausi.

"A'a. Yana dai kama da shi. Ina tabon da mai ya ƙone shi ƙarƙashin ido? Ni na riƙa shafa mashi magani har ya warke."

Na buɗe hoton asali na ƙara girmansa. Ga tabon nan a cikin hayaƙi, dishi-dishi, abin da na ɗauka datti ne a jikin takarda. Kunya ta kama ni, haushin Fiddausi kuma ya fi kunyar. Tani ta gyara mayafi ta miƙe.

"Inna, ku ba ni zuwa Asabar," na ce. "Amma da hayaƙinsa da akwatinsa zai zo."

Fiddausi ta buɗe baki, na kalle ta, ta rufe.

Na ajiye 'yan siyasa gefe, ɗaya har da kiran sunan ubangidansa don ya tsorata ni, ban kula ba. A kwamfuta hoto hawa-hawa ake jera shi, kamar ledoji masu haske a kan juna. Gidan na sa a ƙasa. Malam Audu na yanke shi daban, ban taɓa fuskarsa ba, hayaƙin da ke kan kunci na bar shi inda yake. Wahalar tana ga hayaƙin da ya fita daga jikinsa ya bi iska. In ka zagaye shi ka yanka, sai ya taho da baƙin bangon da ke bayansa, ya zauna a gaban gidan kamar dunƙulen toka. Baƙin bangon nan da na tsana shi ya cece ni. Na kwafi hayaƙin a hawa na daban, na ƙara duhun bango har ya zama baƙi sosai, na ce wa kwamfuta ta bar haske ya zauna, baƙi ya ɓace. Nan take bulon gidan ya bayyana ta cikin hayaƙi. Sai na bi da buroshi mai laushi inda hayaƙin iska ya haɗu da na kafaɗa, don kada a ga gaɓa.

Akwatin ya fi cin rai. Katakonsa da naman da hannun mai nama duk na riƙe su. Tsakaninsu na share baƙin bango ɗan kaɗan-kaɗan. Amma gilashin da aka share tas rami ne kawai, ido ba ya yarda da shi. Na dawo da ƙyallin rana da ya kwanta a kusurwa, da duhun bakin gilashi, da maiƙon da ya dusar da gefe ɗaya. Abin da ake gani ta ciki na ɗan rage masa haske da kaifi. Na zuba inuwa a ƙasa ta ɓangaren da inuwar gidan ta faɗi. Da na ja kujera baya na duba, sai da na ji yunwa.

Ranar Asabar suka dawo. Tani ba ta tambayi ko wane ne ba. Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin kwamfutar, ta kai yatsa kan tabon, ta bi hayaƙin da ido zuwa inda ya haye katangar gidan. Fiddausi ta juya baya tana share hawaye. Ni kuma na kama gyaran wayar da ba ta lalace ba.

Sai yatsan ya sauka cikin akwatin, ya tsaya. Ta cikin gilashin, dab da hannun Malam Audu, ana hango ƙofar gidan sarai.

"Mi ne ne nan?"

Na duba. "Kwaɗo ne, Inna. Haka aka ɗauki hoton gidan, a kulle."

"Ka cire shi mana," in ji Fiddausi da sauri. "Wannan ai ba wuya."

Ba wuya kam, kafin a buɗe baki zan gama. Na kai hannu, Tani ta riƙe min hannun riga.

"Bari. Mutum ya taho tun daga Ƙofar Kwaya da kayansa, a bar shi tsaye a waje?"

Ta sunkuya ta kwance bakin zanenta, ta ciro makulli.

"Ɗauko abin ɗaukar hoton naka, ɗan nan. Mu tahi in buɗe mashi."