Abin da Lurwanu Ya Share

A gidan rediyon nan na Gidan Rumji, Lurwanu ne mai shirin kasuwa, kuma a ganinsa in ba don shi ba gero ma ba zai san farashinsa ba. Shirin nan shi ne ransa. Ko gaisuwa aka yi masa a hanya, da muryar shirin yake amsawa.

Shi ne kuma ya kawo musu Syncthing. Ya saka manhajar a wayarsa da kwamfutar buro, wato ofis, ya haska lambar kwamfutar da kyamarar waya, kowace ta amince da 'yar'uwarta, ya haɗa dosiye, wato ma'ajiyar da wayar ke zuba duk muryar da ya ɗauka. Ba rajista, ba a kai wa wani kamfani ajiya. Da ya shigo tsakar gidan, waya ta kama wifi, in kwamfuta na kunne, sai muryoyi su tsallaka da kansu. Ya yi wa mutane bayanin nan har masu shayin ƙofa suka haddace.

Ranar kasuwar Cadakori ya gama da dillalan hatsi, ya zauna cin tsire da abokai, ya manta bai kashe ɗaukar murya ba. Hira ta yi daɗi, sai ya shiga kwaikwayon direktan rediyon, Malam Tijjani, dattijo mai magana ta hanci da gyaran murya kafin kowace kalma. Wallahi ya iya. Ya yi jan majinar, ya yi "ehem, jama'a masu saurare", ya ƙara da cewa tsohon nan da rediyon Allah kaɗai ya san wanda zai riga wani mutuwa. Har mai tsire sai da ya ajiye wuƙa don dariya.

Da yamma ya dawo buro, ya jingine babur, ya yi alwala, ya yi salla a natse, waya na aljihu tana aikin da ya koya mata. Sai da ya zauna tace shiri ya ga wata murya mai tsawon tsiya. Ya saurara, sai ga kwaikwayon nan nasa. Nan take ya share ta a waya, ya leƙa kwamfuta ya ga can ma ta ɓace, don sharewa ma tsallakawa take yi. Ya sauke ajiyar zuciya, ya yaba wa kansa da iya zaɓen manhaja.

Abin da gwanin ya manta shi ne, kwanaki can ya taɓa share wata hira don wayarsa ta cika, hirar ta ɓace har a kwamfuta, aka sha faɗa. Ran nan, da hannunsa ya kunna ajiyar tsofaffin kwafi a ɓangaren kwamfuta, ta yadda duk abin da aka share daga waya za ta tura shi wani ɓoyayyen dosiye mai suna .stversions. Shi ya kuma nuna wa direkta yadda ake buɗe shi, yana ƙafafa.

Washegari Malam Tijjani ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Lurwanu, ka san ni tsoho ne, ban gane ordinatar ba," in ji shi, yana nuna kwamfuta. "Wuri guda ni ka dubawa kullum da sahe. Abin da kuka bari na masu saurare ne. Abin da kuka share, shi ne nawa."

Ya danna. Muryarsa ta cika ɗakin daga bakin da ba nasa ba. Lurwanu ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, ga tsoro, don ya san shirin kasuwa ya kama hanya.

"Direkta, wasa ne, ranka ya daɗe."

"Wasa? Wanga ai baiwa ce. Ni kaina sai da na tsaya ina tunanin yaushe na tahi Cadakori." Ya gyara murya. "Abokiyar aikinka Basira za ta riƙa shirin kasuwa. Kai ko, tunda Allah ya hore maka muryata, za ka karɓe ni cigiyar bisashe da sanarwar suna ta asuba. Da muryata hwa, kada jama'a su ruɗe. Likita ya ce in huta."

Haka aka yi. Kullum da sassafe Lurwanu yana gaban makirfo yana jan majinar da ba tasa ba, yana cigiyar jan buzuru, wato bunsuru, da jaka mai ɗingishi. Ba wanda ya gane. Har aka riƙa tare Malam Tijjani a masallaci ana ce masa bana kam muryarsa ta buɗe, yana amsawa da godiya.

Da Lurwanu ya je gida Sae Sabuwa, mahaifiyarsa ta dube shi da tausayi.

"Sun kore ka ne, ɗan nan?"

"A'a, Inna. Kullum ina ciki."

"To ni dai na bar kunna rediyon," in ji ta. "In ban da wanga tsoho mai majina ba a jin kowa. Ya ishe ni."