Takardar da Na Miƙa wa Misbahu

Shekara tara ina rubuta labarai a wani ƙaramin gidan rediyo a Daura, Misbahu yana karantawa. Shi ake tarewa a kasuwa ana cewa muryarsa kamar zuma. Ni Haulatu, ko mai gadi bai san aikina ba.

Ban taɓa damuwa ba, sai ranar da na ji shi da kunnena yana gaya wa Manaja Audi wai rubutu ba aiki ba ne.

"Ranka ya daɗe, takardun nan daga ofisoshi suke zuwa a rubuce. A miƙo mini kawai. Albashinta asara ne."

Manaja ya ce in ƙarasa watan nan in tafi. Wallahi raina ya ɓaci. Ashe Misbahu bai san duk jimlar da ke fita bakinsa sai na faɗe ta da nawa bakin sau uku ba? In numfashina ya yanke, in raba ta biyu. Lamba kuwa in dunƙule ta, in rubuta ta da kalmomi.

Ranar Laraba sanarwar rigakafin shanu a garin Babban Mutum ta iso. Jimla ɗaya tal, layi goma sha ɗaya, lambobi cunkus a ciki, ranar da za a fara tana can ƙarshe. Saura minti biyu labaran ƙarfe ɗaya na miƙa wa Misbahu ita yadda ta zo. Bai ko duba ba, gwani ne ai.

Jar fitilar ɗakin watsa labarai ta kama, alamar duniya na saurare. Ya ɗauko da izza, a layi na huɗu iska ta ƙare masa. Sai ga 147,892.

"Dubu goma sha huɗu... a'a, miliyan ɗaya... gafara dai, dubu ɗari da arba'in da..."

Ya yi tari, ya koma farko. Ina bayan gilashi, na harɗe hannu, daɗi har cikin ƙashina. Minti ukun da aka ware wa sanarwar ya ƙare bai kai ga ranar ba.

Nan take waya ta ɗau ruri. Makiyaya daga Baure har Zango tambaya ɗaya suke yi: yaushe za su kai shanu?

Manaja ya shigo yana huci. "Malama Haulatu, gyara mana kafin ƙarfe huɗu!"

"Ranka ya daɗe, ai rubutu ba aiki ba ne."

Misbahu ya fito sharkaf da gumi. "Yaya Haulatu, don Allah."

Yau ni ce Yaya! Na ciro takarda daga jakata, tun safe na rubuta ta: "Ranar Asabar za a fara yi wa shanu rigakafi a Babban Mutum. Shanu kusan dubu ɗari da hamsin za a yi wa. Ranar Asabar, a Babban Mutum."

Misbahu ya miƙo hannu. Na janye.

"Ranka ya daɗe, maganar ƙarshen wata fa?"

"An janye ta," in ji Manaja.

Na juya kan Misbahu. "Kai kuma, in ka gama karantawa, me za ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. Ƙarfe huɗu, da muryar nan tasa mai zuma, Daura ta ji ya ce, "Haulatu Mainasara ce ta rubuta."