Sokawen Gidan Gangare

Da muka raba filin gado, ni na zaɓi gangare don ya fi faɗi. Na bar wa ƙanena tudun tsakuwa, har da yi masa dariya.

Bana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Banɗakinmu ya fara ƙugi. In an kora ruwa sai ya taso ya tsaya, can kuma ya ɓullo ta magudanar wanka, wari ya cika tsakar gida. Na kira mai motar zuƙe masai ya kwashe tas. Washegari ramin masan, wato sokawe, ya sake cika.

Mai motar ya dawo ya ɗaga murfi ya leƙa. "Maigida, wannan ruwan ƙasa ne ke shigowa. Ƙasar ta ƙoshi, sokawe ba shi da inda zai tsiyaye. Ku rage zubar da ruwa, ku jira ta tsane."

Jira! Matata da yara suka koma hawa tudu da buta, zuwa gidan ƙanena. Ta dawo tana cewa, "Nasu kam da ka danna, shuu, ya wuce." Wa ya tambaye ta? Na rantse ƙafata ba za ta taka gidan ba.

Da hantsi cikina ya murɗa. Na ɗauki buta na hau tudun.

Ƙanena ya tare ni a ƙofa. "Yaya, daga nan nake hango ciyawar bayan gidanka, kore shar. Wallahi har kishi nake yi. Me kake zuba mata?"

Na ce, "Matsa min."