Kwana Biyar na Aiki

Duk layin teloli Yaya Babba ake kiranta, har waɗanda suka girme ta, kuma ba don sanyin hali ba. Shekara goma sha ɗaya tana kan keke ɗaya, duk rigar da ke son surfani sai ta ɗauka ta kai wa wani ya ci ribar. Abin yana ci mata rai. Da kuɗinta suka taru, ranar Litinin ta tafi kantin kayan ɗinki inda ƙaninta Auta yake aikin karɓar kuɗi, ta miƙa katin banki ta biya sabon keken surfani. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba wayarta ta yi ƙara, kuɗi sun fita. Aka ce keken yana sito, za a kawo mata cikin mako biyu.

Ranar Alhamis sai ga labari. Tsohon telan da ke bakin layi, wanda ake ce wa Baba Mai Surfani, idonsa ya gaza, zai rufe shago. Ɗansa zai zo da mota ranar Laraba ya tafi da shi. Kekensa kuwa kowa ya san shi, ƙarfe ne zalla, irin wanda ba a ƙerawa yanzu, sabon da ta biya ko kusa da shi bai kai ba. Baba ya ce ita ya fara tunawa, kuma kuɗin da ya faɗa daidai suke da abin da ta bayar a kanti. Ta ce ya riƙe mata. Ko mayafi ba ta gama yafawa ba ta kama hanya.

Wajen huɗu da rabi ta iso kantin ta ce wa Auta ta fasa, a ba ta kuɗinta. Auta ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce ba wa'azi ta zo ji ba, ya danna abin da zai danna. Ya danna, manaja ya sa hannu, ya miƙo mata wata 'yar takarda, yana cewa kwana biyar zuwa bakwai na aiki. Ita biyar kawai ta ji. Tela kuwa bai san wani kwana da ba na aiki ba, Asabar da Lahadi ma su ne ranakun da kekensa ya fi kuka. Ta ƙirga da yatsu a hanya: Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi, Litinin. Ta biya ta shagon Baba ta ce masa Litinin da yamma kuɗinsa suna hannunsa.

Litinin ta zo. Tun safe wayar tana gefen almakashi, da ta yi ƙara sai Yaya Babba ta saki feda ta dube ta. Saƙon talla ne, ko mai riga tana tambayar ɗinkinta. Da azahar ta yi, ranta ya gama ɓaci. Ta rufe shago ta nufi kantin, ta tarar da mutane uku a gaban Auta, ta ratsa su kamar ba ta gan su ba.

"Ina kuɗina?"

"Yaya, yau kwana biyu ke nan. Ranar Alhamis kin zo dab da tashi, Juma'a ce kwana na farko. Asabar da Lahadi bankuna ba sa rufe lissafi a tsakaninsu, ba a ƙirga su."

Ta tambaye shi, ranar da za a cire mata kuɗin an duba kalanda? Daƙiƙa nawa aka yi? To me ya sa hanyar fita take da kwalta, ta dawowa sai ramuka?

Auta ya sassauta murya ya yi mata bayani, shi da ya san halinta tun yana goye a bayanta. Ya ce ranar da ta sa kati, bankinta riƙe kuɗin kawai ya yi nan take, shi ne saƙon da ta gani. Su a kanti ba su gan su ba sai bayan kwana biyu. Da a ranar ta fasa, kafin a rufe cinikin yini, da sakin riƙon kawai za a yi. Amma ta bari kuɗin sun riga sun bi hanya, daga bankinta zuwa kamfanin kati, zuwa bankin kanti. Yanzu mayarwar sabon biya ne, sai ya sake bin waɗannan hannuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane hannu tara irinsu yake yi ya tura a dunƙule, bayan ya duba cewa ba damfara ba ce.

"Yaya, ke kin sani," in ji shi, "layin da kika ɗinka a minti ɗaya, farke shi ba minti ɗaya ba ne."

Wannan magana ita ta ƙara tunzura ta, don gaskiya ce, kuma daga bakin yaron da ta yi wa wanki ta fito. Ta ce to ya tura mata cikin asusun wayarta, ai wannan nan take yake shiga. Ya ce kuɗi ta inda suka zo ta nan suke komawa, da kati ta biya, katin za su bi. Ta nuna durowar da ke gabansa ta ce ga kuɗi nan jibge, ya ƙirga ya ba ta. Ya ce mayarwar ta riga ta fita tun Juma'a, ba a iya kiranta ta dawo, in ya ba ta na durowa an biya ta sau biyu ke nan, shi kuma za a kira shi ɓarawo.

"To me ake kiran wanda ya riƙe kuɗin yayarsa?"

Ba ta tsaya nan ba. Ta tuna masa kuɗin makarantar da ta biya da ƙafarta a kan feda, da rigarsa ta farko ta zuwa neman aiki wadda ta ɗinka da ragowar yadin mutane. A gaban manajansa, a gaban masu sayayya. Auta ya rubuta wata doguwar lamba a bayan takarda, ya ce ta kai banki, da ita ake bin sawun kuɗin. Ya ƙara da cewa yana da ɗan abin da ya rage na albashi, in za ta karɓa ta ba Baba kafin alƙalami. Ta ce ba sadaka ta zo nema ba, kuma kada ta ƙara ganin ƙafarsa a shagonta.

Talata ta tafi banki. Ta ja lamba ta zauna a kan kujerar ƙarfe har ƙugunta ya yi tsami. Yarinyar da ke bayan gilashi ta karɓi takardar, ta yi ta danne-danne, sannan ta ce lambar gaskiya ce, kanti ya tura, amma kuɗin ba su iso gare su ba tukuna, ba za su iya zuba abin da bai zo ba. Yaya Babba ta ce to suna hannun wa? Yarinyar ta ce suna tsakani. Ta ce a nuna mata ofishin wannan Tsakani ta je ta same shi. Yarinyar ta yi murmushi, ta zaci wasa ne.

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da mutum ne ya ci kuɗinta, da ta san ƙofar gidansa, da ta ci kwalarsa har sai maƙwabta sun fito. Amma kowa ya yi aikinsa daidai, kowa yana ba ta haƙuri da ladabi, kuɗinta kuma ba sa hannun kowa. Ta fito tana huci, mai gadi ya ce a sauka lafiya, ta harare shi.

Ta zaga wurin mutum biyu neman aro, duka suka ce wata ya yi nisa. Da yamma ta je wa Baba da takardar, ta ɗora masa a tafin hannu. Tsohon ya shafa ta da yatsa, don ba ya ganin rubutun. Ya ce ya yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma maganar yanzu tana hannun ɗansa, kuma da kuɗin keken za a biya aikin idonsa. Ɗan da aka kira a waya ya ce shi bai san takarda ba, wanda ya kawo kuɗi a hannu kafin motar ta tashi shi ne mai keke. Ta so ta ce ga kafin alƙalami, sai ta tuna wanda ya yi mata tayinsa da abin da ta gaya masa. Ta haɗiye maganar.

Laraba da hantsi motar ta zo. Aka loda katifa da akwatuna. Keken bai hau mota ba. Maza huɗu ne suka cicciɓe shi suka tsallaka titi da shi, suka shigar da shi shagon da ke kallon nata, na Mai Tabarau, wadda a hannun Yaya Babba ta koyi riƙe almakashi. Mai Tabarau ba ta taɓa yarda da kati ba, kuɗinta a jaka suke. Ta leƙo ta gaishe ta har da rusunawa, ta ce in Yaya tana da rigunan surfani ta riƙa kawowa, za ta yi mata ragi.

Alhamis da safe keken ya fara aiki. Ƙararsa mai nauyi ce, ta cika layin, har tebur ɗin Yaya Babba yana amsawa. Tana zaune ta kasa zura zare a allura, sai wayar ta yi ƙara. Kuɗinta ne, cif, ko ƙwandala ba a taɓa ba. Ta jawo takardar nan da ta cukuikuye cikin ƙyallaye ta ƙirga: Juma'a, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Kwana biyar na aiki, kamar yadda yaron ya faɗa tun farko.

Ta ɗauki wayar ta kira Auta. Ya ɗauka da muryar da yake yi wa baƙi magana. Ba ta gaishe shi ba, don ba ta san ta inda za ta fara ba. Ta ce kuɗi sun shigo, ya mayar mata da sunanta a kan sabon keken nan na sito, yanzu za ta zo ta biya.

"Shi kaɗai ya rage, Yaya. Da kika fasa aka mayar da shi kasuwa, ranar Asabar wani ya saya."

"Ranar Asabar," in ji ta. "Ashe ranar ana aiki."

"Ana sayarwa."

Ta jira ya ƙara wani abu, ko da faɗa ne. Ya ce akwai mutane a gabansa, ya kashe. A tsallaken titi keken Baba ya ɗan tsaya, aka sauya zare, ya ci gaba.