Kalmar da Ke Kan Ninki

Saura kwana huɗu a yi wa 'yata Auta aikin ƙafa, likitar da za ta sa ta barci ta tambaye ni ko a danginmu akwai wanda maganin barci ya taɓa yi wa illa. Na tuna ƙanena da ya rasu a asibiti ina ɗan shekara tara. Ban san me ya kashe shi ba. Amma Baba ya rubuta wa Baffa wasiƙa a kai da ajami, tana cikin akwatin Yaya.

Na kira Yaya daga bencin asibitin, ta turo hoton wasiƙar. Ni ajamin bugu ma da ƙyar nake haɗa shi, balle hannun Baba. Na saka hoton a manhajar wayata mai karanta rubutu.

Ta kawo gaisuwa da sauran layukan tsaf. A layi na shida ta rubuta: "Jikinsa ya yi zafi ƙwarai, ya sandare [bayan? kafin?] allurar barci." Ta ce kalmar ta faɗa kan ninkin takarda. Tana ganin alif da nun na ƙarshe, amma harafin farko ya shige inuwa. Ɗigon da ke ƙasan na tsakiya kuma, in ɗaya ne harafin fa ne a irin wannan hannu, wato "kafin"; in biyu ne harafin ya ne, wato "bayan".

Na ce ta zaɓi wadda ta fi kama. Ta ce zato ne zai zama, kuma ba ta so in kai wa likita zato. Ta nemi sabon hoto, a shimfiɗe takardar kusa da taga, a kashe fitilar waya.

Na sake kiran Yaya.

"Kai tun kana yaro ba a yi maka abu sau ɗaya," in ji ta. "Tsaya in ɗauko tabarau."

Na ji ƙarar murfin akwati.

"To, sarkin gaggawa, wurin ya cinye. Ina hango tafin hannuna ta ciki."

Hoto na biyu ya fito fes. Harafin farko babu shi, rami ne. Ɗigo ɗaya ya rage a bakin ramin, manhajar ta ce ba ta san ko yana da ɗan'uwa ba. Ta bar kalmomin biyu yadda suke.

Na shiga wurin likitar ina jin kunya, na miƙa mata wayar.

"Ba a gane ba," na ce.

Ta karanta layin sau biyu.

"Baban Auta, wannan ya ishe ni. Zan ɗauka bayan ne, don irin wannan illar tana bin jini. Akwai magungunan da ba za mu kusantar da ita gare su ba, muna da wasu. Ita za a fara shiga da ita, a shirya mata injin maganin barci daban."

Ta jawo katin Auta, ta yi rubutu da jan biro a samansa, ta tambaye ni ko ina da wasu 'ya'yan.