Albashin Farko na Tukur Dakko

Ranar da kamfanin Turawan da ke gina madatsar Bakolori ya yi biya, Tukur Dakko, sabon lebura, ya fito daga layi yana tsalle. Bokonsa bai wuce lambobi ba, kuma a saman takardar albashinsa ya ga naira casa'in. Ambulan ɗin kuɗin ma bai buɗe ba.

"Kawu Jibrin, keke ya samu! Gobe sai kasuwar Mafara in sayo shi!"

Jibrin, ƙanen mahaifiyarsa kuma tsohon direban kamfanin, ya karɓi takardar yana dariya.

"Tsaya, ɗan nan. Casa'in ɗin jimla ce, albashinka saba'in da biyar, obataya, wato kuɗin ƙarin lokacin aiki, goma sha biyar. Nan tsakiya an cire haraji naira biyar, asusun ajiyar ma'aikata huɗu, kuɗin ƙungiya ɗaya. Ta ƙasan nan ita ce taka, tamanin."

Tukur ya yi turus. "Goma ta tafi ke nan?"

"Huɗun ajiya ce, tana jiran tsufanka."

"Ashe har ajiya gare ni!"

Ya ɓarke ambulan, sababbin takardun kuɗi suka zubo. Bai taɓa riƙe irinsu ba. Ya ja hannun kawunsa wurin mai tsire, yana shela wai yau mai ajiya ne zai ciyar da kowa.